Idan Otal Zai Rufe Don Gyara: Abin da Sanarwa Za Ta Faɗa wa Baƙin da Suka Saba

Sanarwar rufe otal don gyara takarda ce da hukumar otal ke aika wa mutanen da suka saba sauka a wurinta, tana shaida musu ranar da za ta daina karɓar baƙi, da lokacin da take sa ran buɗewa, da inda za su sauka kafin nan. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya ba. Duk da haka kowane layi a cikinta alkawari ne, kuma wasu alkawuran suna hannun mai otal, wasu kuwa suna hannun ɗan kwangila da magina da masu kawo kaya daga nesa. Gwanintar rubuta ta ita ce a raba waɗannan biyun, kada a faɗi abin da ake fata da irin muryar da ake faɗin abin da aka tabbatar.

Ana ware baƙin da suka saba ne saboda asararsu ta fi ta kowa. Matafiyin da ya biyo hanya ya tarar da ƙofa a rufe zai wuce otal na gaba, ba abin da ya dame shi. Amma ɗan kasuwar da ke zuwa Kano sari duk wata, ko ma'aikacin da kamfaninsa ke turowa duk bayan mako biyu, ya riga ya ɗora tafiyarsa a kan wannan masauki. Ya san ɗakin da ba ya jin ƙarar janareta, direban da ke ɗaukarsa ya san ƙofar, abokan cinikinsa sun san inda za su same shi bayan la'asar. Idan irin wannan mutum ya fara jin labarin rufewa daga bakin maigadi, ko ya gan shi a allon da aka kafa a bakin titi, zai ɗauka ba a san darajarsa ba, kuma ba a yi masa adalci ba idan aka ce ya yi kuskure.

Kafin a rubuta komai sai an yanke shawarar irin rufewar da za a yi. Akwai gyaran fuska, wato fenti da labule da katifu da sauya tayil, wanda ake iya yi hawa bayan hawa alhali sauran ɗakuna suna aiki. Akwai kuma garambawul, inda za a fasa bango a ciro tsofaffin bututun ruwa da wayoyin lantarki, ko a yaye rufi. Shi wannan ba ya haɗuwa da baƙo a cikin gida, domin dole a ɗauke ruwa da wuta, ga ƙura, ga bugun guduma da ke bin kankare har ɗakin da ke can ƙarshen gini. Mai otal da ya ƙi rufewa don gudun asarar kuɗin ɗakuna yakan yi asara biyu: aiki ya yi ta jan ƙafa saboda ma'aikata suna kaffa-kaffa da masu barci, baƙi kuma su tafi da labarin daren da suka kwana babu ruwa.

Otal ɗin Raffles na Singafo ya bi hanyar da ke tsakani. Tsohon gida ne da aka buɗe a 1887, kuma gwamnatin ƙasar ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi a 1987, don haka ba a taɓa shi da gaggawa. Da za a gyara shi sai aka raba aikin mataki uku, aka kuma sanar da matakan tun kafin a fara. A watan Fabrairun 2017 aka rufe ɓangaren shaguna, baƙi suna ci gaba da kwana. Wajen tsakiyar shekarar aka shiga babban gini da wasu daga cikin ɗakuna. A watan Disamba aka rufe otal ɗin baki ɗaya. Amfanin wannan tsari ga baƙo a fili yake: wanda zai zo a watan Afrilu ya san abin da zai samu da abin da ba zai samu ba, ya kuma san cewa wanda zai zo bayan Disamba ba shi da wurin kwana a nan. Sanarwar da ta shafi rufewa irin wannan dole ta ba kowane mataki ranarsa, ta ambaci abin da zai tsaya da sunansa, ko ɗakin cin abinci ne ko wurin iyo ko zauren taro, ta kuma faɗi sa'o'in da za a riƙa aiki mai ƙara. Cewa "za a ɗan samu damuwa" bai gaya wa kowa komai ba.

Maganar ranaku ita ce zuciyar sanarwar, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Tuntuɓen farko ƙarami ne amma yana jawo rigima a teburin karɓar baƙi. Otal dare yake sayarwa, ba yini ba. Idan aka rubuta "za mu rufe ranar 1 ga Yuni", wani zai fahimci cewa zai iya kwana daren 1 ga wata, wani kuma ya fahimci cewa daren 31 ga Mayu ne na ƙarshe. Maganin shi ne a rubuta duka biyun, daren ƙarshe da za a kwana, da ranar fita tare da ƙarfe nawa. A rubuta sunan wata da haruffa, domin 1/6 wani zai karanta 1 ga Yuni, wanda ya saba da tsarin Amurka kuma ya karanta 6 ga Janairu.

Ranar buɗewa ita ce babbar matsala, kuma tarihin manyan otal na duniya ya nuna hakan ƙarara. An rufe Savoy na Landan a watan Disamban 2007 da niyyar a buɗe shi a cikin 2009, da kasafin kuɗi na kusan fam miliyan 100. Ba a buɗe ba sai ranar 10 ga Oktoban 2010, bayan an kashe kusan fam miliyan 220. Gini ne da ya fara aiki tun 1889, kuma sai da aka buɗe cikinsa aka ga lalacewar ta wuce yadda aka ƙiyasta. Shi ma Raffles an sa ran buɗe shi a 2018, amma bai koma karɓar masu kwana ba sai 1 ga Agustan 2019. Ritz na Faris, wanda aka rufe a 2012, yana dab da buɗewa gobara ta tashi a saman ginin a watan Janairun 2016, aka ɗage zuwa watan Yuni. Waldorf Astoria na New York ya fi su duka. An rufe shi a farkon Maris na 2017 ana maganar shekara biyu zuwa uku. A 2018 gwamnatin ƙasar Sin ta karɓe ragamar kamfanin Anbang da ya saye shi, daga baya annobar korona ta zo, ba a sake buɗe shi ba sai 2025.

Waɗannan gidaje ne masu injiniyoyi da lauyoyi da kuɗi, amma duk ranarsu ta kuɓuce musu. Dalilin ɗaya ne a babban otal da ƙarami. Ɗan kwangila yana yin lissafinsa ne a kan abin da idonsa ya gani, shi kuwa tsohon gini yana ɓoye ciwonsa a bayan filasta da saman silin. Sai an cire tayil ake ganin bututun ya yi tsatsa har ƙasa, sai an sauke silin ake ganin gara ta cinye katako. Ga kayan da aka yi oda daga waje suna iya maƙalewa a tashar jiragen ruwa, ga farashin siminti da rodi yana iya tashi a tsakiyar aiki har a tsaya sake ciniki. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Mai otal da ya buga ranar buɗewa a takarda ya kuma karɓi kuɗin mutane a kanta, shi ne zai tsaya a ƙofa ranar da ta zo, baƙo riƙe da jaka, leburori suna kwaɓa siminti a bayansa.

Saboda haka sanarwa mai hankali tana ɗauke da ranaku iri biyu game da buɗewa. Na farko lokacin da ake sa rai, wanda ake faɗa da wata ko da ɓangaren shekara, a kuma kira shi da sunansa, wato fata. Na biyu ranar da otal ya yarda ya fara karɓar kuɗin kama ɗaki a kanta, wadda ake ajiye ta bayan ranar ɗan kwangila da tazara mai kauri. Tsakanin su biyun akwai aikin da mutane ke mantawa da shi. Bayan magina sun fita sai an share ƙura, an shanya ɗakuna warin fenti ya fita, an buɗe kowane famfo an ga ruwan zafi yana zuwa, an kunna duk na'urorin sanyaya ɗaki lokaci guda an ga ko janareta zai ɗauka. Otal da yawa sukan sa ma'aikatansu su kwana a ɗakunan tukuna, domin wanda ya kwana ne kaɗai ke gano ƙofar da ba ta kulluwa da magudanar da ke mayar da ruwa.

Misali zai fi fito da abin. A ɗauka akwai wani otal mai ɗaki 60 a Kano da zai sauya bututun ruwa da wayoyin lantarki ya kuma gyara rufi. Ɗan kwangila ya ce wata huɗu, daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Tun a nan manajan da ya san garinsa zai tsaya ya duba, domin watannin nan su ne damina, kuma Agusta ne ruwa ya fi ƙarfi. Baƙi sukan ragu a wasu otal a lokacin, abin da ke sa rufewa ta yi sauƙi, amma yaye rufi a Agusta kasada ce. Sai a nemi ɗan kwangila ya fara da rufin a makonnin farko kafin ruwa ya zauna, aikin cikin gida ya biyo baya. Zai kuma duba inda Sallah ta faɗo a shekarar, tunda tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, kuma kwanakin hawa lokaci ne da ɗaki ke wuya a Kano. Otal da ya rufe a makon Hawan Daushe ya yi asarar ciniki, ya kuma jefa baƙinsa cikin neman ɗaki a lokacin da maƙwabta ba su da ko ɗaya.

Da aka daidaita a kan Yuni, sai a aika sanarwa tun farkon Maris, wata uku kafin rufewa. Babu wata doka guda da ta ƙayyade tsawon wannan wa'adi ga kowane otal. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne littafin otal ɗin kansa: idan mutane sukan kama ɗaki mako biyu kafin zuwansu, zauren taro kuma wata uku kafin biki, to zauren ne zai yanke wa'adin. Abin da za a rubuta zai yi kama da haka:

"Ranka ya daɗe, muna sanar da kai cewa za mu rufe otal baki ɗaya domin sauya bututun ruwa da wayoyin lantarki da gyaran rufi. Daren ƙarshe da za a kwana shi ne daren 31 ga Mayu, fita kuma ranar 1 ga Yuni kafin ƙarfe 12 na rana. Muna fatan kammala aiki a cikin Oktoba, in Allah ya yarda, amma ba za mu karɓi kuɗin ɗaki ba sai na daren 1 ga Nuwamba zuwa gaba. Za mu sake rubuto maka ranar 1 ga Agusta da ranar 15 ga Satumba mu faɗa maka inda aiki ya kai, ko labarin mai daɗi ne ko akasin haka."

Jimlar ƙarshen nan ta fi sauran amfani, domin ita ce alkawarin da manaja zai iya cikawa ko me ya faru da ginin. Mutane sukan yafe jinkiri idan an gaya musu da wuri. Abin da ba sa yafewa shi ne shiru, da ɗage rana mako-mako, kullum a ce saura kaɗan. Shi kuwa "in Allah ya yarda" yana nan a wurinsa, amma ba ya maye gurbin tazarar wata ɗayan da aka bari.

Akwai aikin da dole ya riga aika wasiƙar. Otal na yau ba ƙofa ɗaya yake sayar da ɗaki ba: akwai teburin karɓar baƙi, akwai waya, akwai shafinsa na intanet, akwai shafukan dillalai irin su Booking.com, akwai kamfanonin shirya tafiye-tafiye. Sai an toshe ranakun rufewa a kowace ƙofa tukuna. Alamar cewa an yi sakaci ita ce a ga sabon saƙon kama ɗaki ya shigo na tsakiyar Yuli bayan sanarwa ta fita. Ma'aikata ma su ji kafin baƙi su ji, domin su za a fara tambaya, kuma babu abin da ke zubar da ƙimar sanarwa kamar baƙo ya nuna wa mai karɓar baƙi wasiƙar ya ce shi ma yanzu yake gani.

Daga nan sai batun madadin masauki, kuma ba kowa ne otal ke bin sa da abu iri ɗaya ba. Manaja zai buɗe littafi ya ware mutane gwargwadon nauyin da ke kansa. Mafi nauyi su ne waɗanda suka riga suka kama ɗaki a cikin kwanakin rufewa, musamman waɗanda suka biya. Waɗannan an ƙulla ciniki da su, otal ne kuma ya warware, don haka zaɓi nasu ne: a mayar musu da kuɗinsu cikakke ba tare da an cire ko kwabo ba, ko a ɗaga musu zuwa bayan buɗewa a kan tsohon farashi, ko a sama musu ɗaki a wani otal mai daraja ɗaya. A ce a misalin nan ɗaki naira 40,000 ne a dare, wani Alhaji ya biya dare biyar a watan Yuni, naira 200,000 ke nan. Otal ɗin da ke kusa yana sayar da irin ɗakin a naira 48,000, dare biyar ya kama 240,000. Idan Alhajin ya zaɓi a mayar da shi can, cikon naira 40,000 yana kan otal ɗin da ya rufe, ba a kansa ba. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. Dama can idan otal ya sayar da ɗakuna fiye da waɗanda yake da su, al'ada ce ya kai baƙon wani wuri ya ɗauki nauyin daren farko da kuɗin mota.

Masu zauren taro sun fi kowa shiga uku, kuma ba a sanar da su da takarda kawai. Iyalin da suka biya kafin alƙalami don walimar aure a watan Yuni wataƙila sun riga sun buga katin gayyata da sunan otal ɗin a jiki, sun raba har ƙauye. Mayar musu da kuɗi bai warware musu komai ba, domin abin da suke nema zaure ne a wannan rana, mai ɗaukar wannan adadi na mutane. Manaja da kansa ya kamata ya kira uban amarya kafin wasiƙa ta isa, kuma ya kira ne bayan ya riga ya tambayo zaure biyu ko uku da ke da sarari a ranar. Idan biki ɗaya ne ko biyu suka faɗo a makon farko na rufewa, sau da yawa ya fi araha a jinkirta taɓa zauren da mako guda a kan a ɓata da dangi guda, waɗanda cikinsu akwai masu aurar da 'ya'ya a baɗi.

Sai masu dogon zama, irin injiniyan da kamfani ya kama wa ɗaki na wata shida. Shi ƙaura zai yi, ba sauya wurin kwana ba, don haka yana bukatar wa'adi mafi tsawo da taimakon kwashe kaya, kuma abin da takardar yarjejeniyarsa ta ce shi za a bi. Kamfanonin da ke da rangwamen farashi su ma wasiƙarsu daban ce, a aika wa jami'in da ke biyan kuɗi, a faɗa masa ko yarjejeniyar za ta tsaya ne ta ci gaba bayan buɗewa, ko za a ƙara mata watannin da aka rasa. Haka ma masu katin shiga wurin motsa jiki ko wurin iyo na shekara, da masu makin da ake tarawa don samun rangwame: wanda ya biya wata 12 aka rufe masa biyar, ko dai a ƙara masa biyar ko a mayar masa da kuɗinsu.

Rukuni mafi yawa su ne waɗanda suka saba zuwa amma ba su kama ɗaki ba tukuna. Otal ba ya bin su da kuɗi, shawara ta gaskiya yake bin su da ita. A nan ne wasu masu otal ke yin rowa, su ƙi ambatar sunan kowane maƙwabci don tsoron kada baƙo ya je ya ji daɗi ya zauna. Tsoron yana da tushe, domin wasu za su zauna ɗin. Amma baƙon zai kwana a wani wuri ko an faɗa masa ko ba a faɗa ba, kuma bambancin kawai shi ne ko zai tuna cewa tsohon masaukinsa ne ya yi masa hanya. Otal da ke cikin rukunin kamfani ɗaya da wasu ya huta, sai ya tura mutanensa gidan 'yan uwansa. Mai zaman kansa kuwa sai ya taka ya je ya zauna da manajojin otal biyu ko uku, ya nemi farashi na musamman ga baƙinsa a rubuce, ya leƙa ɗakunan da idonsa, ya tambayi sa'o'in da suke ba da wuta.

Madadin da ya amsa sunansa shi ne wanda ya yi daidai da dalilin da ya sa mutum yake sauka a wurin tun farko. Wanda ke zuwa don kusanci da Kantin Kwari, otal mai kyau a bayan gari bai yi masa amfani ba. Dattijon da ba ya iya hawa bene yana bukatar a tabbatar masa akwai ɗaki a ƙasa. Wani saboda babu mashaya a gidan yake kawo iyalinsa, wani saboda masallaci yana kusa, wani saboda filin ajiye mota mai tsaro. Don haka a gaban kowane suna a rubuta nisansa, da farashin da aka daidaita, da abin da baƙo zai faɗa idan ya kira don a gane shi, da abin da wurin ba shi da shi. Suna biyu da aka bincika sun fi goma da aka kwafo.

Wani lokaci abin da mutane suka saba da shi ba ɗakin ba ne. Raffles ya shahara da wata mashaya mai suna Long Bar, inda ake haɗa wani gaurayen barasa da masu yawon buɗe ido ke zuwa musamman dominsa, da kuma shagon tsaraba. Da aka rufe otal ɗin sai aka buɗe musu wurin wucin gadi a titin Seah da ke gefensa, cinikin bai yanke ba. Otal da mutanen gari suka san shi da abincin rana ko gashin kaza na yamma zai iya yin irin wannan, ya mayar da kicin wani shago na kusa ko ya koma kai abinci ofisoshi. Ta haka masu dafa abinci ba su watse ba, sunan gidan kuma yana bakin mutane.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake yawan bari a baya. Na farko ajiya. Baƙin da suka daɗe sukan bar jaka ko samfurin kaya ko takardu a ɗakin ajiya har su dawo, kuma wannan amana ce. Sanarwa ta sa ranar ƙarshe ta karɓar kaya, ta faɗi inda za a kai wanda ba a zo an ɗauka ba, kada ya kwana cikin ƙurar siminti a hannun leburorin da ba su san mai shi ba. Na biyu hanyar mayar da kuɗi. Labarin cewa otal yana mayar wa mutane kuɗi dama ce ga 'yan damfara, waɗanda za su kira da sunan otal su nemi lambar katin banki ko lambar sirri. Wasiƙar ta faɗa a fili cewa kuɗi zai koma ta hanyar da aka biya shi, cikin kwanaki kaza, kuma babu ma'aikacin da zai nemi lambar sirrin kowa. Ta ba da lambar waya ɗaya da za a riƙa ɗauka duk tsawon rufewar, da sa'o'in da ake samun mutum a kanta. Shi ma baƙon da ya karɓi irin wannan sanarwa, abin da ya fi masa shi ne ya kira lambar da ya daɗe da sani ya tabbatar, ya nemi a rubuta masa zaɓin da ya yi, ya kuma adana rasit ɗinsa.

Yaren wasiƙar ma yana da nasa hukunci. Mai otal yakan so ya cika rabin shafi da bayanin kyan da gidan zai yi, alhali mai karatu ranaku yake nema. Ranaku su zo a sama, madadi ya biyo, bayanin gyara ya zo a taƙaice da gaskiyarsa. Ban haƙuri sau ɗaya ya isa. A aika ta hanyar da kowane baƙo ya saba amfani da ita, ko imel ko saƙon waya, cikin harshen da yake karantawa, waɗanda suka fi daɗewa kuma a haɗa musu da kira.

Abu na ƙarshe da sanarwa ba ta kamata ta ɓoye ba shi ne cewa otal ɗin da za a buɗe ba lallai ne ya zama wanda aka rufe ba. Kuɗin gyara daga farashin ɗaki ake fanshe shi, don haka yakan tashi. Idan an san zai tashi a faɗa tun yanzu, idan kuma za a riƙe wa tsofaffin baƙi tsohon farashi na wasu watanni a rubuta adadin watannin. Yawan ɗakuna da fasalinsu ma suna sauyawa, har mutum ya dawo ya tarar ɗakin da ya saba nema da lambarsa an haɗe shi da na kusa. Raffles ya rufe da ɗakuna 103 ya buɗe da 115. Waldorf Astoria ya rufe da ɗakuna sama da 1,400, ya buɗe da 375, an mayar da babban ɓangaren ginin gidajen zama na sayarwa.